An kawo mini takardar kotu a kan filin da ba nawa ba

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Zariya. A 2019 kawun matata ya sayar da fili, ni na rubuta takardar cinikin, na sa hannu a matsayin shaida, aka bar ta asalin a wurina. Yanzu suna shari'a da mai sayen a Babbar Kotu. Shekaranjiya masinjan kotu ya kawo mini takarda har makaranta, an rubuta SUBPOENA a samanta, wai in zo kuma in kawo takardar cinikin. Kawu ya ce kada in je, in kuma ya zama dole, in ce ta ɓata. Ranar kuma ta faɗa kan ranar da zan kai mahaifiyata asibiti a Kano. Ƙarata aka kai ne? Idan ban je ba me zai faru?

Wani malami, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ƙararka aka kai ba. Wannan takarda sammacin shaida ce, kuma idan ka duba inda aka jera sunayen masu shari'ar, za ka ga sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara, naka kuwa yana can ƙasa, a wurin wanda aka aika wa. Ba a neman fili a hannunka, ba a neman kuɗi, ba a tuhumar ka da komai. Sai dai kada hakan ya sa ka ɗauke ta kamar goron gayyata. Lauyan ɗaya daga cikin masu shari'ar ne ya nemi a fitar da ita, amma da zarar kotu ta sa mata hannu da hatimi ta zama umarnin kotu, kuma daga nan wanda zai sauke maka ita alƙali ne kaɗai. Kawu ba shi da wannan iko, shi ma lauyan da ya nemo ta ba zai ce maka ka yi zamanka a bayan idon kotu ba.

Fara da ɗauko takardar ka karanta ta a natse, don yawancin masu shiga matsala ba su wuce kalmar farko ba. Nemi sunan kotun da inda take zama, domin a Zariya akwai ɗakunan shari'a fiye da ɗaya, kuma mutum yakan wuni a Dogarawa alhali a wani wuri ake kiran sunansa. Nemi lambar ƙarar. Ƙararrakin Babbar Kotu da aka shigar a Zariya sukan fara da KDH/Z, sai lamba, sai shekara. Kwafe ta a wayarka, don da ita za ka yi kowace magana da ma'aikatan kotu. Ba sa neman fayil da labarin wane ya sayar wa wane. Sai rana da lokaci, sai sa hannu da hatimi. Idan kana da shakka ko ta gaskiya ce, je rajistarar kotun da kanka ka nuna ta, za su duba fayil su gaya maka. Ba a biyan masinja ko kwabo don ya kawo maka ita.

Abu na gaba shi ne ka gane wace iri ce aka kawo maka, don nan ne hukuncin ya bambanta. A ƙarƙashin babbar kalmar za ka ga ƙarin wasu. Idan an rubuta ad testificandum, bakinka ake nema, ka zo ka faɗi abin da ka sani. Idan duces tecum ce, takarda ko wani abu da ke hannunka ake nema. Dokar Shaida ta 2011 ta sauƙaƙa wa mai iri na biyu: sashe na 218 ya ce wanda aka kira don ya kawo takarda kawai, idan ya sa aka kawo ta kotu, alƙali yana iya ɗauke masa zuwa da kansa. Sashe na 219 kuma ya ce kawo takarda bai mai da mutum shaida ba, ba za a yi masa tambayoyin ƙure ba sai in an kira shi a matsayin shaida. Shi ya sa za ka ga banki ko ofishin gwamnati sun turo ƙaramin ma'aikaci da fayil, ya miƙa ya tafi. Taka ta haɗa biyun, ka zo kuma ka kawo, saboda haka wannan sauƙin bai shafe ka ba. Ba za ka aiki ƙaninka da ambulan ba, tunda kai ka rubuta, kai ka ga abin da ya gudana, kuma ba wanda zai yi rantsuwa a madadinka.

Abin da ke faruwa idan ba ka je ba yana da tsari, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Masinjan da ya same ka a makaranta yana komawa ya cike takardar rantsuwa cewa ya ba ka hannu da hannu, a wuri kaza, rana kaza, a sa ta cikin fayil. Ko da ka ƙi sa hannu a kwafinsa, zai rubuta cewa ya ba ka ka ƙi, kuma hakan ya wadatar. Ranar zama za a kira sunanka a ƙofar kotu. In shiru, lauya zai miƙe ya ce ya mai shari'a, an kai wa wannan shaida sammaci, ga hujjar a fayil, bai zo ba, bai aiko da uzuri ba. Wani alƙalin yakan ɗage ya ba ka dama ta biyu, wani kuwa nan take zai sa hannu a warantin kamu, 'yan sanda su ɗauko ka duk inda suka same ka, ko a gaban ɗalibanka ne. Ƙin amsa kiran da gangan raina kotu ne, ana iya cin ka tara, ana iya tsare ka. Bayan duk wannan kuma shaidar da ka guda sai ka ba da ita, sai dai yanzu za ka ba da ita a gaban alƙalin da ya riga ya san sai da aka kamo ka.

Batun asibitin Hajiya uzuri ne na gaske, kuma kotuna suna karɓar irinsa kullum, muddin ya iso kafin ranar kuma a rubuce. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga rajistaran kotun. Sa lambar ƙarar da sunayen masu shari'ar a sama, ka ce ka karɓi sammacin rana kaza, kana da niyyar zuwa, amma ranar ta haɗu da ganin likitan mahaifiyarka a Kano, kana roƙon a sa maka wata rana. Ambaci ranakun da kake da hali. Maƙala kwafin katin asibitin da ke nuna ranar. Yi kwafi biyu, ka kai da kanka, a buga hatimin karɓa a naka ka riƙe. Sannan ka kira lauyan da sunansa ke ƙasan sammacin ka sanar da shi, domin shi ne zai miƙe ranar ya jawo hankalin alƙali ga wasiƙar. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya tsaya ga kiran waya kaɗai. Lauya ya ce ba komai, ranar kuma ya turo ƙaramin lauyan ofishinsa wanda bai san an yi maganar ba, fayil babu komai, sai waranti ya fito. Ka kuma sani wasiƙa roƙo ce. Washegarin zaman ka bincika a rajistara me alƙali ya ce, da ranar da aka sa.

Mu dai a ganinmu, in akwai wanda zai iya raka Hajiya, ko asibitin zai sauya mata rana ba tare da cutarwa ba, gara ka je kotun tun karon farko a wuce wurin. Duk ɗagewa ɗaya tana ƙara wa kawu makonnin da zai yi yana zarya a gidanka.

Shawarar kawu ta biyu, ka ce takardar ta ɓata, ta fi ta farko haɗari, kuma abin takaicin shi ne ba za ta amfane shi ba. Ciniki irin wannan da wuya a ce mai saye bai riƙe kwafi ba. Sashe na 89 na Dokar Shaida ya ba da damar a karɓi kwafi idan an nuna cewa ta asalin ta ɓata kuma an neme ta ba a samu ba. Wato ranar da ka tsaya ka ce ta ɓata, kai da bakinka ka buɗe wa lauyan mai saye hanyar miƙa kwafinsa. Zai nuna maka shi ya ce, wannan rubutun hannunka ne? Wannan sa hannunka ne? In ka ce e, takardar ta shiga, ƙaryar ba ta tsinana komai ba. In ka ce a'a, akwai sauran shaidun da suka sa hannu tare da kai, akwai kuma rubutunka a rajistar aji da za a iya kwatantawa. Shaidar zur a gaban kotu laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Jihar Kaduna, mai ɗauke da ɗauri, haka ma ɓoye ko lalata takardar da ka san kotu na nema. Ka shigo shari'ar ba ka da abin asara, sai ka fita da tuhuma a wuyanka da aikinka a kan siraɗi, kawu kuwa yana gida.

Mun san ba shari'a ce ke hana ka barci ba, surukuta ce. To a nan sammacin kariya ce gare ka. Ba kai ka kai kanka ba, kuma kana da takardar da za ka nuna. Ka je wurin kawu da ladabi, in so samu tare da wani babba da yake jin nauyinsa, ka ce masa, Kawu, hukuma ce ta kira ni, in na ƙi kama ni za a yi, kuma ba zan ƙara ko in rage a kan abin da aka yi a gabana ba. Ba sai ka yi masa wa'azi ba, amma shi ma ya san ayar bashi a Suratul Baƙara, ta 282, ta hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su, ta bayanta kuma ta hana ɓoye shaida. Ka gaya wa maiɗakinka komai tun yanzu, kada ta fara ji daga gidansu. Idan lallashi ya koma barazana, daga kowane ɓangare ta fito, ka ajiye saƙonnin, ka sanar da alƙali ranar da ka tsaya a gabansa. Tsoratar da shaida laifi ne mai zaman kansa.

Ita takardar kuwa, daga yau har ranar kotu kada ta bar hannunka. Kada ka ba kawu ya duba ya dawo da ita, kada ka ba mai saye, kada ma ka ba lauyan da ya kira ka ya ajiye maka. Sammacin ya ce ka kawo wa kotu. In lauya yana son gani, ya gani a gabanka ko ka ba shi kwafi. Yi kwafi biyu masu kyau, gaba da baya, ka ɗauki hotonta a waya. Kada ka gyara komai a jikinta: in tawada ta koɗe a bar ta, in an manta kwanan wata a wani wuri kada ka cike, in ta yage kada ka kai a manne ta cikin leda mai zafi, don hakan yana hana a duba tawada da sa hannu idan gardama ta taso. Sa ta a ambulan kawai. Kuma ka kai abin da aka ambata a sammacin, ba duk tarkacen da ke cikin akwatinka ba.

Wataƙila kafin ranar lauyan ya neme ka. Wannan ba laifi ba ne, yana da damar jin abin da za ka faɗa. A ƙararrakin da ba na laifi ba a Babbar Kotu, an saba shaidu su ba da bayaninsu a rubuce, su yi rantsuwa a kai a rajistara, ranar zama su ce wannan bayanina ne. Idan ya kawo maka irin wannan a buge, karanta shi layi bayan layi. Sau da yawa lauya yakan rubuta abin da mai ƙara ya gaya masa, ya sa a bakin shaida. In ka ga an rubuta cewa a gabanka aka biya kuɗin duka, alhali rabi ka ga an ƙirga, aka ce sauran za a tura ta banki, ka ce a gyara kafin ka sa hannu. Duk abin da ke cikin takardar nan kai za a yi wa tambaya a kansa, shi lauyan yana zaune.

Kuɗin mota da na ɓata lokaci haƙƙinka ne, kuma a irin wannan ƙarar wanda ya nemi a kira ka shi ke ɗaukar nauyinsu. Ka faɗa wa lauyan a fili, ba abin kunya ba ne. Amma ya tsaya daidai abin da ka kashe. Idan aka miƙo maka abin da ya fi kuɗin keke da abincin rana nesa ba kusa ba, ka mayar, domin tambaya ce da lauyan ɗaya ɓangaren yake son yi: nawa aka ba ka ka zo nan? Hedimasta kuma ka kai masa kwafin sammacin tun da wuri, a rubuta maka izinin ranar.

Ranar zama ka isa kafin tara, da sammacin, da katin shaidarka, da ambulan. Shiga ɗakin da aka ambata ka sanar da magatakardan kotun cewa ka zo, ka nuna lambar ƙarar. Kana iya zama har azahar ba a kai kanku ba, kana kuma iya tarar da cewa kotu ba ta zama ranar. Ko wanne ne, kada ka tafi sai an rubuta cewa ka halarta kuma ka ji sabuwar rana. Mutane da yawa suna zaton sammaci na rana ɗaya ne, sun zo, an ɗage, shi ke nan sun fita. Lafazin takardar yakan ce ka halarta ranar da aka sa da ranakun da ke biye har a saurari ƙarar, don haka tana nan a kanka sai alƙali ya sallame ka. Idan an fara sauraron wani shaida kafin kai, za a ce sauran shaidu su fita inda ba za su ji ba. Ka fita da gaske, kada ka raɓe a taga.

Idan aka kira ka, za a tambaye ka da wane harshe za ka yi magana. Turanci ne harshen Babbar Kotu, amma kana da damar yin Hausa a sa maka tafinta, kuma kasancewarka malami bai wajabta maka Turanci ba. Zaɓi wanda ba za ka yi tuntuɓe a cikinsa ba idan an matsa maka. Za ka yi rantsuwa, ko ka yi alkawarin faɗin gaskiya idan ba ka son rantsuwa, kuma nauyinsu ɗaya ne a doka. Lauyan da ya kira ka shi zai fara, sai na ɗaya ɓangaren ya yi maka tambayoyin ƙure, sai na farkon ya dawo in akwai abin da ya rikice. Ka fuskanci alƙali, ka yi magana a hankali, don sau da yawa da hannu yake rubutawa.

Iyakar shaidarka ita ce abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji a wurin. A ce an tambaye ka ko an biya cikon kuɗin. Idan ba a gabanka aka biya ba, amsar ita ce ba a gabana ba. Kada ka ce kawu ya ce ba a biya ba, ko mai saye ya ce ya tura. Wannan ji-ta-ji-ta ce, kuma a ƙa'ida kotu ba ta gina hukunci a kanta. In an tambaye ka faɗin filin, ka faɗi abin da aka ce ka rubuta, ka kuma faɗa ko ka je wurin awo ko ba ka je ba. Abin da ka manta ka ce ka manta. Ciniki ne na 2019, ba wanda zai yi mamaki, kuma da izinin kotu kana iya duba takardar da ka rubuta a lokacin don ka tuna. Shaidu sun fi faɗuwa a wurin cike giɓi da zato: an tambayi mutum ranar mako, ya ce Asabar don kada a ga bai sani ba, lauya ya fito da kalanda ya nuna Talata ce, daga nan sauran maganarsa ta gaskiya ma ta raunana. In lauya ya ɗaga murya ya ce ina gaya maka ƙarya kake yi, salon aikinsa ne. Ka ce ba haka ba ne, ka yi shiru.

Lokacin da za a miƙa takardar, kana iya jin lauyoyi sun kaure da gardama, ɗaya yana cewa ba a yi mata rajista ba don haka kada a karɓa, ɗayan yana cewa shaidar biyan kuɗi ce. Ba ruwanka da wannan, kuma ba laifinka ake faɗa ba. Tsaya har alƙali ya yanke.

Akwai hali ɗaya da za mu ce ka nemi lauyan kanka kafin ranar, ba na kawu ba, ba na mai saye ba. Shi ne idan ka san akwai abin da ba daidai ba a takardar kuma da hannunka a ciki, misali an sa ka rubuta kwanan watan baya, ko kuɗin da ba shi aka biya ba, ko wani ya sa hannu a madadin wanda ba ya wurin. Sashe na 183 ya ba shaida damar ƙin amsa tambayar da amsarta za ta iya jawo masa tuhumar laifi, amma alƙali ne ke duba ko tambayar ta kai haka, kuma damar ba ta hana ka zuwa kotu, ba ta kuma halatta maka ƙarya. Lauya ne zai nuna maka inda za ka tsaya. In takardar lafiya lau take, ba ka buƙatar ɗaukar lauya don ka ba da shaida.

Idan ka gama, jira alƙali ya ce an sallame ka kafin ka sauka. In an ɗage ana tsakiyar yi maka tambayoyi, kada ka tattauna shaidarka da kowa har ka dawo, har da lauyan da ya kira ka. Takardar kuma, idan an karɓe ta, za a sa mata alama ta zauna a hannun kotu, ba za ka koma gida da ita ba. Takan zauna har a yanke hukunci, a kuma jira wa'adin ɗaukaka ƙara, wanda wata uku ne ga hukuncin ƙarshe a irin wannan shari'a. In an ɗaukaka, za ta bi fayil ɗin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Rubuta alamar da aka sa mata a bayan kwafinka tare da ranar, don da su za a nemo ta idan lokacin karɓa ya yi, ko idan wani daga cikinsu ya zo daga baya yana tambayar ka ina amanar da aka bar maka.